Yadda ake haɗa zanen Waterfall don bayyana sauyin riba daga rubu'i zuwa rubu'i

Idan ribar kamfani ta sauka daga naira miliyan 13 a rubu'in farko na shekara zuwa miliyan 8.7 a rubu'i na biyu, tambayar da mai dukiya zai yi ita ce: ina miliyan 4.3 ta shiga? Zanen Waterfall shi ne ke amsa wannan tambaya. Sanda ta farko tana tsaye daga sifiri zuwa ribar da, ta ƙarshe tana tsaye daga sifiri zuwa ribar yanzu, a tsakaninsu kuma akwai sanduna masu rataye a iska, kowace tana farawa daga inda ta bayanta ta tsaya. Wadda ta hau ta ƙara riba, wadda ta gangaro ta ci riba.

Zana shi a Excel ba ya wuce minti biyar. Inda aikin yake shi ne yanke shawarar abin da kowace sanda za ta wakilta, don haka nan za mu fi daɗewa.

Alƙaluman da za mu yi aiki da su

Mu ɗauki misalin dilan shinkafa mai sayar da buhu mai kilo 50, iri ɗaya tak. Alƙaluman na koyarwa ne, an zaɓe su don lissafin ya fito fili. Ka shigar da su a Excel yadda suke a nan, sunaye a layin A, rubu'in farko a B, na biyu a C, kanun jadawali kuma a jeri na 1.

| Jeri | A | B | C |
|---|---|---|---|
| 2 | Buhunan da aka sayar | 4,000 | 4,500 |
| 3 | Farashin sayar da buhu | 60,000 | 62,000 |
| 4 | Kuɗin sayen buhu | 52,000 | 55,000 |
| 5 | Sufuri | 6,000,000 | 7,500,000 |
| 6 | Dizal da lantarki | 4,000,000 | 5,200,000 |
| 7 | Albashi | 7,000,000 | 7,000,000 |
| 8 | Hayar sito | 1,200,000 | 1,200,000 |
| 9 | Bashin da aka haƙura da shi | 0 | 1,300,000 |
| 10 | Ƙananan kashe-kashe | 800,000 | 600,000 |

A gida B11 ka rubuta fomular riba, sannan ka ja ta zuwa C11:

```
=B2*(B3-B4)-SUM(B5:B10)
```

B11 zai ba da 13,000,000, C11 kuma 8,700,000. Kafin ka ci gaba, ka tabbatar waɗannan biyun sun yi daidai da abin da akanta ya rufe littafi da shi, kuma riba iri ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Ba a farawa da riba kafin haraji a ƙare da riba bayan haraji. Haka nan idan an biya hayar shekara guda a watan Janairu, ka duba an raba ta kan watanni ko an jibga ta duka a rubu'in farko. In an jibga, zanen zai nuna rubu'i na biyu ya sami sauƙin haya, alhali babu abin da ya canza.

Tarkon kuɗin shiga da kuɗin kaya

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne a bi rahoton riba da asara layi-layi. Cinikin rubu'in farko miliyan 240 ne, na biyu miliyan 279, wato ƙarin miliyan 39. Kuɗin kaya ya tashi daga miliyan 208 zuwa 247.5, ƙarin miliyan 39.5. Idan ka zana waɗannan, za ka sami sanda mai hawa daga 13 zuwa 52, da wata mai faɗowa daga 52 zuwa 12.5. Lissafin daidai ne, amma mai kallo bai ƙaru da komai ba. Manyan sandunan nan biyu sun danne sauran har sufuri da dizal sun koma kamar zare, kuma dukkansu suna ɗauke da abu guda a ciki, wato ƙarin buhuna 500. Duk wanda ya sayar da ƙarin buhu dole ya sayo ƙarin buhu, saboda haka yawan kaya ya kumbura ɓangarorin biyu lokaci ɗaya.

Mafita ita ce a warware su zuwa dalilai uku da mai kasuwa zai iya yin wani abu a kai: yawan kaya, farashin sayarwa, da tsadar saye.

Yawan kaya ana auna shi da ribar buhu, ba da farashin buhu ba. A rubu'in farko kowane buhu yana barin naira 8,000, wato 60,000 a cire 52,000. Ƙarin buhuna 500 sau 8,000 ya ba da miliyan 4. Ma'anarsa, da farashi da tsada sun tsaya yadda suke, ƙarin cinikin kaɗai zai ƙara miliyan 4 a riba.

Farashi ya ƙaru da naira 2,000 a kowane buhu, kuma an karɓi wannan ƙari a kan buhuna 4,500 da aka sayar a rubu'i na biyu. Wannan miliyan 9 ke nan. Tsadar saye ta ƙaru da naira 3,000 a kan buhuna 4,500 ɗin, ta ci miliyan 13.5. Haɗa ukun: 4 da 9 sun zama 13, cire 13.5, saura ragin rabin miliyan. Shi ne dai bambancin 39 da 39.5 na ɗazu, sai dai yanzu ana ganin labarin: an ƙara farashi, amma ƙarin bai kamo tsadar saye ba, ribar buhu ta sauka daga 8,000 zuwa 7,000, kuma ƙarin ciniki ne ya rufe mafi yawan ramin.

Akwai zaɓi a cikin wannan lissafi da ya kamata ka san ka yi shi. Mun auna yawan kaya da tsohuwar ribar buhu, muka auna farashi da tsada da sabon adadin buhuna. Ana iya juyawa: farashi da tsada a kan tsofaffin buhuna 4,000, yawan kaya da sabuwar riba ta 7,000. Sai a sami 3.5 da 8 da ragin 12, jimilla dai ragin rabin miliyan. Duka biyun sun halatta. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ɗauki tsoho a duka ukun, domin 4 da 8 da ragin 12 sifiri suke bayarwa, rabin miliyan ya ɓace ke nan. Ka zaɓi hanya ɗaya, ka rubuta ta a ƙasan zanen da ƙananan haruffa, ka riƙe ta kowane rubu'i. Hanyar farko ta fi sauƙin karewa a gaban mutane, don kowa ya gane "ƙarin naira 2,000 a kan abin da muka sayar a zahiri".

Idan kayan sun fi iri ɗaya, misali 'yar gida da ta waje, ko babban buhu da ƙarami, kada ka yi amfani da matsakaicin farashin duka. Matsakaicin kan tashi don kawai an fi sayar da mai tsada, sai zanen ya ce an ƙara farashi alhali ba a taɓa shi ba. Ka yi lissafin ukun nan ga kowane iri daban, sannan ka tara.

Jadawalin da za a zana

A layin E ka sa sunayen sanduna, a F kuma fomuloli, daga jeri na 2 zuwa na 10. Muna rabawa da miliyan ɗaya don lambobin kan sanduna su zama gajeru.

```
F2  =B11/1000000
F3  =(C2-B2)*(B3-B4)/1000000
F4  =(C3-B3)*C2/1000000
F5  =(B4-C4)*C2/1000000
F6  =(B5-C5)/1000000
F7  =(B6-C6)/1000000
F8  =(B9-C9)/1000000
F9  =(B7+B8+B10-C7-C8-C10)/1000000
F10 =C11/1000000
```

Sunayen a jere: Ribar rubu'i na 1, Yawan buhuna, Farashi, Tsadar saye, Sufuri, Dizal da lantarki, Bashi, Sauran, Ribar rubu'i na 2. Sakamakon ya zama 13.0, 4.0, 9.0, -13.5, -1.5, -1.2, -1.3, 0.2, 8.7.

Lura da yadda alamar ke tafiya. A abin da ke shigo da kuɗi, sabo ake cire wa tsoho. A abin da ke fitar da kuɗi, tsoho ake cire wa sabo, domin kashe kuɗi idan ya ƙaru riba ce ke raguwa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a irin wannan zane: sufuri ya ƙaru da miliyan 1.5, sai a shigar da shi a matsayin ƙari, sandarsa ta hau sama. Kowace lamba a layin F tana amsa tambaya ɗaya ce, me wannan ya yi wa riba.

Albashi da haya ba su motsa ba, don haka ba su cancanci sanda ba. An zuba su cikin "Sauran" tare da ƙananan kashe-kashe, kuma da gangan aka bar su a cikin fomular, don ranar da albashi ya canza lissafin ba zai karye ba. Amma ka riƙa duban girman "Sauran". Idan ta kai girman wata sanda mai suna, akwai abin da ke ɓoye a ciki, ka fito da shi ka ba shi sandarsa. Bashin da aka haƙura da shi kuwa, ko da ƙarami ne, ya zauna shi kaɗai, saboda abu ne na sau ɗaya. Mai karatu yana buƙatar ya iya rufe shi da yatsa ya ce, ba don wannan ba da ribar miliyan 10 ce.

Sanduna bakwai a tsakiya sun isa. Idan suka haura goma, zanen ya koma rahoton akanta da aka yi wa fenti.

Yanzu gidan tantancewa, wanda bai kamata a tsallake ba. A F12:

```
=ROUND(SUM(F2:F9)-F10,3)
```

Dole ya ba da sifiri. Dalilin da ya sa F10 yake ɗauko riba kai tsaye daga C11, maimakon ya tara sandunan da ke samansa, shi ne wannan. In ka sa shi ya tara su, tantancewar kullum sifiri za ta bayar ko da ka manta da wani layi gaba ɗaya, kuma sandar ƙarshe za ta nuna ribar da babu ita a littafi. Idan F12 ya ba da wata lamba, girmanta kan tona asirin kuskuren. Lambar da ta yi daidai da ninki biyu na wata sanda tana nufin an juya alamar wannan sandar: juya sufuri zai ba da 3.0. Lambar da ta yi daidai da sauyin wani layi a jadawalin farko tana nufin an manta da layin.

Zanawa a Excel

Daga Excel 2016 zuwa sama zanen yana nan a shirye. Zaɓi E1 zuwa F10 kawai, ban da gidan tantancewa. Shiga `Insert`, a rukunin `Charts` ka buɗe maɓallin da ke ɗauke da `Waterfall`, ka zaɓe shi. In ba ka gan shi ba, `Recommended Charts` sannan `All Charts` zai nuna shi a jerin hagu.

Abin da zai fara fitowa ba daidai ba ne, kuma haka yake yi wa kowa. Excel bai san 8.7 jimilla ba ce, sai ya ɗauke ta a matsayin wani ƙari, ya rataye ta daga 8.7 zuwa 17.4. Danna sandar sau ɗaya, duk sandunan za su zaɓu. Sake danna ta, ta zaɓu ita kaɗai. Sai ka danna maɓallin dama na linzami ka zaɓi `Set as Total`. Za ta sauko ta zauna a kan sifiri. Yi wa sandar farko haka ita ma. Tsayinta ba zai canza ba tunda daga sifiri ta fara, amma launinta zai fita daga na ƙari ya koma na jimilla.

`Set as Total` ba ya lissafa komai. Lambar da ke cikin gidan yake ɗauka ya tsayar daga sifiri, ko ta dace da sandunan baya ko ba ta dace ba, kuma ba zai yi maka gargaɗi ba. Alamar da ido zai iya kamawa ita ce siririn layin da ke haɗa sanduna: daga ƙarshen "Sauran" ya kamata ya faɗa daidai kan sandar ƙarshe. Giɓin 0.2 a zanen da ya kai 26 ba lallai a gan shi ba, shi ya sa ake dogara da F12.

Ana iya saka jimilla a tsakiya. Bayan tsadar saye riba tana kan 12.5, kuma sanda mai tsaye a nan tana raba zanen biyu: hagu harkar saye da sayarwa, dama kuɗin tafiyar da aiki. In ka saka ta, ka gyara fomular tantancewa don kada ta tara wannan jimilla tare da sauran.

Sai launi. A akwatin bayanin launuka akwai `Increase`, `Decrease` da `Total`. Danna akwatin, sake danna kalma ɗaya daga ciki, sannan ka canza `Shape Fill` a ƙarƙashin `Format`. Wannan yana canza dukan rukunin. Idan ka bi sanduna ɗaya-ɗaya kana shafa musu launi, rubu'i mai zuwa da sufuri zai sauka maimakon ya hau, sandarsa za ta juya sama amma ta ci gaba da zama ja. An saba da kore ga ƙari, ja ga ragi, toka-toka ga jimilla. In za a buga a takarda baƙi da fari, ka sa ja mai duhu da kore mai haske, wanda hakan ma yana taimakon masu wahalar bambance launukan biyu.

A `Format Data Series` ka tabbatar `Gap Width` yana wajen kashi 50 don sanduna su yi kauri, ka bar `Show connector lines` a kunne. Lambobin kan sanduna ka ba su tsarin `0.0;-0.0` a ɓangaren `Number`. Tunda kowace sanda tana da lambarta, layukan kwance na bango ba su da aiki, a goge su.

Game da ma'aunin tsaye: a misalinmu ya fara daga sifiri kuma haka ya kamata ya zauna. Matsala tana zuwa ne idan riba miliyan 400 ce, sauye-sauyen kuma 5 ne da 8. A nan sandunan tsakiya ba sa ganuwa, sai mutum ya ɗaga `Minimum` a `Format Axis` zuwa 350. Ana yin haka, amma daga lokacin tsayin sandar farko da ta ƙarshe ya daina faɗin gaskiya, ragin kashi 3 cikin ɗari sai ya yi kama da rugujewa. In ka yanke, ka rubuta a jikin zanen cewa ma'aunin bai fara daga sifiri ba.

Kanun zanen ya faɗi abin da aka gano. "Sauyin riba" bai ce komai ba. "Riba ta ragu da miliyan 4.3: tsadar saye ta wuce ƙarin farashi da miliyan 4.5" ya ba mai karatu abin da zai nema a cikin sandunan. A ƙasansa ka sa "naira miliyan".

Wani abu da mai ido zai iya tambaya shi ne sandar sufuri. A rubu'in farko sufurin buhu ɗaya naira 1,500 ne. Buhuna 4,500 a wannan kuɗin za su ci miliyan 6.75, ke nan daga ƙarin miliyan 1.5 rabi na ƙarin kaya ne, rabi ne kawai tsadar mota. Za ka iya barin sandar yadda take ka faɗi wannan da baki, ko ka kwashe 0.75 ka rage daga sandar yawan buhuna ta koma 3.25. Na biyun ya fi gaskiya idan ana biyan mota kan kowane buhu. Haka kuma, zanen ba ya sanin yanayi. Azumi da Sallah suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kaka kuma tana taɓa farashin shanshera, don haka sandar yawan buhuna ko ta tsadar saye tana iya zama aikin lokaci. Inda haka ta faru, zane na biyu da ke kwatanta rubu'in da takwaransa na bara yana da amfani.

Idan babu maɓallin Waterfall

Excel 2013 da waɗanda suka riga shi fitowa ba su da shi, kuma in ka tura musu fayil mai ɗauke da shi zanen ba zai bayyana ba. Ba ya kuma zanuwa kai tsaye daga `PivotTable`, sai an ɗauko lambobin zuwa gidaje na yau da kullum. Google Sheets yana da nasa a `Chart type`. Hanyar da ke aiki kusan ko'ina ita ce sanduna masu hawa kan juna da gindi marar launi.

Ƙara layuka biyar. G shi ne jimillar tafiya: G2 ya zama `=F2`, G3 ya zama `=G2+F3`, a ja zuwa G9. Sauran, daga jeri na 3 zuwa na 9:

```
H3 =MIN(G2,G3)
I3 =MAX(F3,0)
J3 =MAX(-F3,0)
```

H gindi ne, I ƙari, J ragi. Layin K na jimilla ne, K2 `=F2` da K10 `=F10` kawai, sauran gidajensa a bar su fanko. Gindi yana ɗaukar ƙaramar lamba tsakanin inda aka tsaya da inda aka koma, shi ya sa tsadar saye ke zama a kan 12.5 ta miƙe 13.5 zuwa 26. Zaɓi E tare da H zuwa K kana riƙe da `Ctrl`, saka `Stacked Column`, danna sandunan gindi ka ba su `No Fill`. Lambobin I su ɗauki tsarin `0.0;;;` don sifirai su ɓuya, na J kuma `-0.0;;;` don alamar ragi ta dawo.

Wannan hanya tana karyewa idan jimillar tafiya ta ratsa sifiri, wato riba ta koma asara a tsakiyar zane ko a ƙarshensa. Excel yana tara lambobi masu ƙari sama da sifiri, masu ragi ƙasa da shi, kowanne daban. Sandar da ya kamata ta gangaro daga 3 zuwa -2 sai ta fito daga sifiri zuwa 5, gindin -2 kuma ya ɓuya a ƙasa. Zanen Waterfall na asali ba shi da wannan matsala. A tsohon Excel kuwa, ka yi layuka biyu, mafari da maƙura: mafarin kowace sanda shi ne jimillar tafiya ta jerin da ke samanta, maƙurarta kuma tata jimillar, sandunan jimilla biyu su fara daga sifiri. Zana su da `Line`, layin mafari ya zo kafin na maƙura, ka ƙara `Up/Down Bars`, sannan ka mayar da layukan biyu `No line`. Sanduna za su cike tsakanin mafari da maƙura ko ta wane ɓangaren sifiri suke. Sandunan jimilla za su ɗauki launin ƙari idan riba ce, launin ragi idan asara ce, domin a wannan hanyar launi biyu kawai ake da su. Sunayen da ke ƙasan zane kuma za su shiga cikin sandunan da suka nutse, sai ka je `Format Axis`, ɓangaren `Labels`, ka mayar da `Label Position` zuwa `Low`.